Ragin biyan kuɗi da wuri: yadda za a rubuta shi ba tare da barin ƙofar gardama ba

Na yi shekaru ina riƙe wa wani dilan shinkafa littafin lissafi a Birnin Kebbi, kuma rigimar kuɗi mafi tsawo da na gani a wurin ta samo asali ne daga saƙon waya mai layi ɗaya. Maigidana ya sayar wa wani tsohon abokin cinikinsa na Yauri shinkafa buhu 100 bashi, kowane buhu naira 60,000. Kuɗin mota naira 150,000, kuɗin lodi naira 20,000. Jimilla naira 6,170,000, za a biya cikin wata guda. Da yake yana son kuɗinsa su dawo da sauri ya koma sayen shanshera, sai ya tura masa wannan saƙo:

"Alhaji, in ka biya da wuri cikin sati biyu akwai ragin biyu."

Mutumin Yauri ya turo naira 5,970,000, ya kira yana godiya. Maigida kuwa naira 6,050,000 yake jira, kuma a lissafinsa wa'adin ma ya wuce da kwana uku, don haka cikakken kuɗi ya kamata ya gani. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa ya karanta saƙon ta fuskar da ta fi yi masa daɗi, saƙon kuma ya ba kowa wannan damar. Da wannan cinikin zan bi matakan gyaran, domin kusan duk inda irin wannan tayi ke yoyo, wannan ya yi.

Mataki na farko: a mayar da kason ya zama naira

"Biyu" a bakin ɗan kasuwar hatsi ba ta tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya saba ciniki da buhu, in aka ce masa an rage biyu, dubu biyu a kan kowane buhu yake ji. Abin da mutumin Yauri ya ji ke nan: naira 2,000 sau 100, wato naira 200,000, ya cire ya turo sauran. Da aka kira shi, amsarsa ita ce, "Ai biyu kac ce, Alhaji, ni kuwa biyu nic cire." Maigida kuwa biyu cikin ɗari yake nufi, wanda a kan buhun naira 60,000 ya kama naira 1,200 kacal.

Ko da an rubuta "kashi biyu" ba a tsira ba, domin a Hausa kashi biyu na iya nufin a raba abu gida biyu. Sai an cika shi: kashi 2 cikin 100. Bayan an cika, sai tambaya ta gaba ta taso, kashi biyun na mene ne? In na jimillar takardar ne gaba ɗaya, naira 6,170,000, ragin ya zama naira 123,400. In na kuɗin shinkafa ne kaɗai, naira 6,000,000, ragin naira 120,000 ne. Tazarar naira 3,400 ce, ba ta kai a ɓata da kowa ba, amma na ga manyan mutane sun shafe mako suna ja-in-ja a kan abin da bai kai haka ba, don kowa na ganin an raina masa wayo.

A ganina kuɗin mota da na lodi bai kamata su shiga ragi ba. Kuɗi ne da dila ya riga ya miƙa wa direba da 'yan dako, babu ribarsa a ciki, in ya rage daga aljihunsa yake cikawa. Haka ma harajin kaya a inda ake cajinsa. Amma ko me ka zaɓa, rubuta shi ƙarara.

Hanyar da na ga ta fi rufe bakin kowa ita ce kada a bar wa mai saye aikin lissafi ko kaɗan. A rubuta kason, a rubuta abin da ya kama a kan buhu ɗaya, sannan a rubuta adadin da zai turo. Buhu ya sauko daga naira 60,000 zuwa naira 58,800. Kuɗin shinkafa naira 5,880,000, a haɗa da mota da lodi naira 170,000, abin biya naira 6,050,000. Mutum zai iya musun fassarar kalma, amma da wuya ya musa adadin da ke gabansa.

Farashin buhu ɗayan nan yana da wani amfani da sai daga baya ake gane shi. A ce kaya sun isa an samu buhu 3 da ruwa ya taɓa, aka mayar. Da farashin buhu a hannu, kowa zai iya buga 97 sau 58,800 ya samu naira 5,703,600, ya ƙara 170,000, ya tashi da naira 5,873,600. In kuwa "ragin naira 120,000" kawai aka rubuta, mai saye zai ce ragin na nan yadda yake ko da kayan sun ragu.

Kafin ka aika, ka auna ragin da ribarka, ba da farashin kaya ba. Kashi 2 cikin 100 na jin kamar ƙaramin abu. Amma in ribarka a buhu naira 3,000 ce, naira 1,200 ta cinye biyu cikin biyar na ribar, a kan kuɗin da za su riga lokacinsu isowa da kwana 16 kawai. In kwana 16 ɗin za su ba ka damar juya kuɗin a wani sayen, to ya biya. In kuwa a asusu za su kwanta, kyauta ka yi.

Mataki na biyu: wa'adi ya zama rana mai suna da ƙarfe

Nan ne aikin ya fi yawa, domin "cikin sati biyu" na da ramuka har uku.

Na farko, daga yaushe aka fara ƙirga? An rubuta takardar kaya ranar Litinin 6 ga Oktoba. An yi lodi ranar Laraba 8 ga wata. Mota ta sauke a Yauri ranar Alhamis 9 ga wata. Maigida daga ranar takarda yake ƙirga, don haka wa'adinsa ya cika Litinin 20 ga wata. Mai saye ya ce shi daga ranar da kaya sunka iso hannunsa ya fara, wa'adinsa sai Alhamis 23. Kuma hujjarsa ba ta banza ba ce: ta yaya za a fara ƙirga masa kwanakin kayan da bai gani ba? Duka biyun ana yi a kasuwa. Laifin saƙon shi ne bai zaɓi ɗaya ba.

Na biyu, yadda muke ƙirga kwana. Wani yana sa ranar farko a cikin lissafi, wani daga washegari yake farawa. Shi ya sa za ka ji an kira mako guda "kwana takwas". Ga kuma maganar dare: in ka rubuta "zuwa daren Juma'a", wani zai ɗauka daren Alhamis wayewar Juma'a kake nufi, kamar yadda aka saba a lissafin Musulunci, wani kuma ya ɗauka bayan isha'in ranar Juma'ar. Kalmomi irin su "ƙarshen wata", "bayan sallah", "kasuwa mai zuwa" duk su fita daga takardar kuɗi. Ƙarshen wane wata, na Turawa ko na Musulunci? "Kafin 20 ga wata" ma tana da matsala, don ba a san ko ita ranar 20 ɗin tana ciki ba.

Maganin duk wannan ɗaya ne: kai ka yi ƙirgar, ka rubuta sakamakon. Sunan rana, kwanan wata, sunan watan da haruffa, shekara, da ƙarfe. "Ranar ƙarshe ita ce Litinin 20 ga Oktoba 2025, ƙarfe 4 na yamma, ita ma ranar tana ciki." Sunan ranar na taimakawa wajen kama kuskure; in ka rubuta Talata 20 alhali Litinin ce, wani zai lura tun da wuri. Rubuta watan da haruffa kuwa saboda `6/10` a wata wayar ko manhajar lissafi na iya fitowa a matsayin 10 ga Yuni. Ka duba kalanda kuma, kada ranar ƙarshen ta faɗa Asabar, Lahadi ko hutun sallah in mai sayen naka mai zuwa cikin banki ne. In ta faɗa, matsar da ita da kanka tun kafin ka aika.

Ramin na uku shi ne ma'anar "biya". Mutumin Yauri ya tura kuɗinsa Alhamis bayan isha'i, aka cire daga asusunsa, ya turo hoton shaidar turawa. Kuɗin ba su shigo asusun maigida ba sai Juma'a da hantsi. To, yaushe ya biya? Duk wanda ke harka da taransifa ya san kuɗi kan maƙale a hanya, wani lokaci ma su koma inda suka fito bayan kwana ɗaya ko biyu. Hoton shaida kuma ba kuɗi ba ne, balle yanzu da ake haɗa na bogi. Ni abin da nake rubutawa shi ne: biya na nufin kuɗin sun shiga asusunmu. In caki ne, ranar da banki ya saki kuɗin, ba ranar da aka miƙa takardar ba.

Wannan sharaɗi yana ɗora wa mai saye nauyin jinkirin banki, don haka adalci ne a gaya masa tun farko. Dalilin sa ƙarfe 4 na yamma maimakon tsakar dare ke nan: in wani abu ya maƙale, akwai sauran lokacin da za a kira juna. Ka tuna kuma asusun mutane da yawa na da iyakar abin da za a iya turawa a rana. Wanda zai biya naira miliyan 6 na iya buƙatar kwana biyu ko uku yana turawa kashi-kashi, sai ya fara ranar ƙarshe ya tarar ba zai gama ba. Layi ɗaya na tunatarwa ya isa.

Mataki na uku: sharuɗɗan da ake ɗauka kowa ya sani

Ba sai an cika takarda da sharuɗɗa ba. Guda uku ne na ga suna dawowa kullum.

Wanda ya fi cizo shi ne tsohon bashi. A ce ana bin mai sayen naira 400,000 daga wani cinikin baya. Ya turo naira 6,050,000 cif a kan lokaci. Malamin lissafi, bisa al'ada, ya fara share tsohon bashin da kuɗin, sai sabuwar takardar ta nuna saura naira 400,000, ragi ya faɗi. Mai saye zai ce shi sabon kaya ya biya. Dole tayin ya faɗi ɗayan biyu: ko dai ba a samun ragi sai an share tsohon bashi, a kuma rubuta adadinsa, ko kuma tsohon bashin lissafinsa daban. In ka zaɓi na biyu, ka roƙi mai saye ya rubuta lambar takardar a wurin bayanin taransifa don a san inda kuɗin suka dosa.

Sai biyan wani ɓangare. In ya kawo rabi cikin wa'adi, ana yi masa ragi a kan rabin ko babu? Mafi sauƙin riƙewa shi ne sai an biya duka. Amma ga abokin ciniki da ke sayarwa yana turowa, ragi a kan abin da ya shigo ya fi ƙarfafa shi. In haka za ka yi, koma kan buhu: duk naira 58,800 da ta shigo kafin wa'adi ta biya buhu ɗaya, buhunan da suka rage suna kan naira 60,000. Kada ka shiga lissafin kason kaso, a nan ake ɓacewa.

Na uku gajere ne: asusun da za a biya, da sunan da ke kansa. Kuɗin da aka ba direba, dillali ko yaron shago ba su zama biya ba sai sun iso kuma an ba da rasit. Cajin banki ko na mai POS a wuyan mai turowa yake, adadin da aka rubuta shi ne zai shigo.

Mataki na huɗu: haɗa rubutun

Ga yadda saƙon layi ɗayan nan ya kamata ya kasance:

"Assalamu alaikum Alhaji. Takardar kaya mai lamba 214, ta Litinin 6 ga Oktoba 2025: shinkafa buhu 100 a kan naira 60,000, kuɗin mota da lodi naira 170,000, jimilla naira 6,170,000. Ranar biya ita ce Laraba 5 ga Nuwamba 2025.

"In kuɗin suka shiga asusunmu da ke rubuce a takardar zuwa Litinin 20 ga Oktoba 2025, ƙarfe 4 na yamma, za a rage kashi 2 cikin 100 na kuɗin shinkafar kaɗai, wato naira 1,200 a kowane buhu. Abin da za ka turo ke nan naira 6,050,000. Ragin bai shafi kuɗin mota da lodi ba. Sai an biya duka adadin ake samunsa. Tsohon lissafinmu na naira 400,000 daban yake, bai hana ragin ba. In wannan lokaci ya wuce, abin biya naira 6,170,000 ne, babu ragi babu ƙari. Don Allah ka amsa da adadi da ranar da ka fahimta."

Ka lura an fara da cikakken farashi kafin ragin. In aka fara da ƙaramin adadin, shi ke zama a kan mutum, daga baya ya ga babban kamar tara aka ci shi. Masu sayen kaya daga manyan kamfanoni kan ga an buga `2/10 net 30` a ƙasan takarda. Ma'anarsa ragin kashi 2 cikin 100 in an biya cikin kwana 10, in ba haka ba a biya duka cikin kwana 30. Kada ka kwafi wannan gajartawa ka aika wa mai shago a Yauri ko Jega. Zai iya karanta ta a matsayin 2 ga Oktoba, kuma ba ta faɗi daga ranar da ake ƙirga ba.

Maganar da za a kai wa malam kafin a aika

A Kebbi da Zamfara, inda rigimar bashi kan ƙare a gaban alƙalin kotun shari'a, ba zai yiwu a tsallake wannan ba. Yafe wani ɓangare na bashin da lokacinsa bai yi ba domin a gaggauta biyan sauran mas'ala ce sananniya a fiƙihu, ana kiranta "da' wa ta'ajjal", wato rage ka karɓa da wuri. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta hana, kuma Risala ta faɗi haka a babin ciniki. An ruwaito halascinsa daga Ibnu Abbas, Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim ma sun tafi a kan haka. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta shi da sharaɗin ya kasance tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi su biyu, kuma ba bisa yarjejeniyar da aka ƙulla tun farko ba. Akwai kuma damuwa ta biyu, cewa an rabu da kaya alhali farashi na lilo tsakanin adadi biyu.

Ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma na san siffar da ke kauce wa wannan, kuma ita maigida ya koma yi daga baya. Ana gabatar da farashi biyu kafin lodi, mai saye ya zaɓi ɗaya, a rubuta wanda ya zaɓa shi kaɗai:

"Alhaji, farashi biyu ne. Biya zuwa Litinin 20 ga Oktoba, buhu naira 58,800, jimilla naira 6,050,000. Biya zuwa Laraba 5 ga Nuwamba, buhu naira 60,000, jimilla naira 6,170,000. Ka zaɓi ɗaya kafin a yi lodi, shi za mu rubuta a takarda."

Jumhurun malamai sun yarda farashin bashi ya ɗara na hannu matuƙar an tsaya a kan ɗaya kafin a rabu. Sai dai wannan siffa tana da iyakarta, kuma dila ya san ta. In mai saye ya zaɓi naira 58,800 sannan ya yi jinkiri, bashinsa na nan naira 6,050,000. Ba za ka mayar da shi kan naira 60,000 ba, domin ƙari a kan bashi saboda jinkiri shi ne riba ɗin da aka haramta. Abin da ke hannunka shi ne ka rubuta tun farko cewa ba za a sake ba shi kaya bashi ba sai ya biya, kuma ka ba da wannan farashi ga wanda ka san alƙawarinsa kaɗai.

Mataki na ƙarshe: a ji daga bakin mai saye

Kowace siffa ka ɗauka, kada ka gamsu da "To, na gode" ko hoton babban yatsa. Ka sa ya maimaita adadin da ranar da kansa. Da yawa daga abokan cinikinmu sun fi sakewa da saƙon murya, wasu ma yaro ke karanta musu rubutun boko, don haka bayan ka tura rubutun sai ka karanta shi da murya ka tura, shi ma ya amsa da murya. A nan ake kama kuskure. In ya ce "dubu biyu-biyu ke nan", ka san da sauran aiki. Abin da ke cikin saƙon kuma ya zama shi ne a takardar da direba zai kai, kalma da kalma, sannan malamin lissafi da yaron shago su ga kwafi, kada wani ya yi wa mai saye alƙawarin da ba ya cikin rubutun.

Kwana biyu kafin wa'adi, tura tunatarwa mai ɗauke da adadin, ranar da ƙarfen. In kuɗi suka shigo, rubuta rasit da ke nuna cikakken farashi, ragin da aka yi, da cewa takarda mai lamba 214 ta rufe.

In kuma wani ya makara da 'yan kwanaki ka ga ya dace ka yi masa alfarma, yi masa, amma ka rubuta cewa alfarma ce ta wannan karon. Abin da aka ƙarasa yi da mutumin Yauri ke nan. Wani dattijo da ke cin kasuwa da su duka ya shiga tsakani, maigida ya haƙura da maganar kwanakin, shi kuma ya ciko naira 80,000 don adadin ya kai naira 6,050,000. Ni aka sa na rubuta rasit ɗin, kuma sai da na karanta musu shi a waya sau biyu kafin na buga hatimi.